Awa 72 a matsayin awa 40: yadda doka take ƙidayar lokacin aikin masu gadi da ma'aikatan jinya

1. Gabatarwa

A cikin wannan rubutu za mu yi ƙoƙarin bayyana ƙa'idojin da suka shafi tsawon lokacin aiki da hutu ga ma'aikatan da ke aikin karɓa-karɓa, watau waɗanda wani yake sauka wani ya hau, dare da rana. Mun ɗauki rukuni biyu, masu gadi da ma'aikatan jinya, saboda su ne lissafin awowinsu ya fi rikitarwa. Za mu fi tsayawa kan abu guda: bambancin da doka take yi tsakanin lokacin da mutum yake wurin aiki da lokacin da ake cewa yana aiki. Daga wannan bambanci ne aka samo ƙa'idar da ta sa mai gadi yake kwashe awa 72 a bakin ƙofa a sati, a biya shi kuɗin awa 40.

Sai mun fara da gyara kalmomi, domin an rubuta dokokin da Faransanci, kuma inda Faransanci ya raba abu uku, Hausar yau da kullum tana cewa hutu kawai. A nan, ɗan dakatawar da ake yi a tsakiyar aiki, don cin abinci ko salla, za mu kira ta sararawa. Lokacin da ke tsakanin sauka daga aiki da sake hawa shi ne hutun tsakani, sannan akwai hutun sati. Na shekara kuwa kowa ya san shi da konje. Haka nan mutanen karkara sukan kira duk mai farar riga likita. Mu a nan da anfirme da ungozoma muke, waɗanda ke kwana da majinyata.

2. Adadi biyu da ke cikin doka

Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta tsai da lokacin aiki a kan awa 40 a sati. Wannan adadi ya girmi Jamhuriya. Faransa ta kafa shi a 1936, dokar aiki ta ƙasashen renon Faransa ta 15 ga Disamba 1952 ta kawo shi nan. Duk awar da aka yi bayan ta 40 ta zama awar ƙari, kuma kuɗinta ya fi na awar yau da kullum. Saboda haka 40 ba bango ba ne da ba a ƙetarewa; wuri ne da farashin awa yake canzawa.

Adadi na biyu shi ne hutun sati, wanda wajibi ne, kuma ba ya kasa awa 24 a jere. Kalmar "a jere" ita ce ƙashin bayan ƙa'idar. Awa 12 ranar Talata da awa 12 ranar Juma'a ba su zama hutun sati ba ko da jimillarsu 24 ce. Asalin wannan ƙa'ida yarjejeniya ce mai lamba 14 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1921, wadda Nijar ta amince da ita a 1961.

Dalla-dallar yadda ake aiki da waɗannan adadi tana cikin dokar zartarwa mai lamba 2017-682 ta 10 ga Agusta 2017, da yarjejeniyoyin da ke tsakanin sandika da masu ɗaukar aiki, da kuma dokar cikin gida ta kowace ma'aikata. A lura kuma cewa dokar aiki ba ta hau kan cikakken ma'aikacin gwamnati ba. Shi yana da tasa dokar daban. Ke nan anfirme biyu suna iya yin aiki iri guda a gari guda, ɗaya a asibitin gwamnati ɗaya a kilinik mai zaman kanta, amma dokar da kowannensu zai kafa hujja da ita ta bambanta. Lissafin da za mu yi a ƙasa dai bai san wannan bambanci ba, tun da sati awa 168 ne ga kowa.

3. Daidaiton awowi

Ƙa'idar da za mu kira daidaiton awowi, wadda ƴan boko ke ce wa ekibalans, ita ma daga Faransa ta zo, daga dokokin zartarwa da suka biyo bayan dokar 1936. Tunanin da ke ƙarƙashinta shi ne akwai ayyukan da ba a yin su bakin rai bakin fama daga farko har ƙarshe. Mai tsaron shago yakan zauna jiran mai saye, direba yakan jira maigida, mai gadi yakan yi awowi ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Sai doka ta ce: a irin waɗannan ayyuka, zaman da ya fi awa 40 tsawo za a ɗauke shi daidai da aikin awa 40. A Nijar, mafi tsawon wannan zama ya kai awa 72 a sati, kuma masu gadi suna cikin waɗanda ya shafa.

Adadin 72 ba a sama aka tsinto shi ba. Awa 12 ne sau 6, watau daga ƙarfe 6 na yamma zuwa ƙarfe 6 na safe, kwana shida, a huta na bakwai. Ana iya cewa dokar ta tarar da al'adar gadi ne ta sa mata hannu.

Bari mu ga abin da hakan yake nufi a aljihu. An ɗaga albashi mafi ƙaranci a Nijar daga sefa 30.047 zuwa sefa 42.000 tun daga Janairu 2024, sai mu ɗauki jika 42 ɗin nan mu yi misali da su. Ana samun awowin wata ta hanyar ninka awowin sati sau 52 a raba da 12. Ga mai awa 40, wata yana da awa 173 da sulusi, kuma kowace awa ta tashi kusan sefa 242, dala 48 da ƴan kai. Ga mai gadi mai awa 72, wata yana da awa 312. In aka raba jika 42 da 312, awar da ya yi a bakin ƙofa ta tashi kusan sefa 135, watau dala 27. A idon doka albashinsu guda ne, domin a wurinta dukansu awa 40 suka yi. A idon iyalin mai gadi kuwa, ya fi wancan rashin zama gida da kusan awa 139 a wata.

Amma ƙa'idar tana da ɗaya fuskar, wadda masu ɗaukar aiki suka fi mantawa da ita. In awa 72 ita ce madadin 40, to ita ce kuma wurin da awowin ƙari suke farawa. Mu ɗauki mai gadin da ke kwana a bakin wani sito a Maraɗi dare bakwai a sati, ba Lahadi ba Juma'a, abin da ba baƙo ba ne a garuruwanmu. Awa 12 sau 7 ya ba da 84. An zarce da awa 12 kowane sati, watau awa 52 a wata. In aka biya su da farashin awar doka, sefa 242, tun ba a ɗora ƙarin da ake yi wa awar ƙari ba, sun kai sefa 12.600: jika 12 da dala 120, kusan sulusin albashinsa. Ban da wannan, an take wata ƙa'ida daban, tun da bai samu awa 24 a jere ba ko sau ɗaya. Biyan kuɗin dare na bakwai ba ya wanke wannan laifi na biyu, domin hutun sati wajibi ne, ba haja ba ce da ma'aikaci zai sayar.

Akwai kuma zarcewar da ba ta fitowa a takarda. A rubuce mai gadin dare yana sauka ƙarfe 6 na safe, amma ba ya barin ƙofa sai wanda zai karɓe shi ya iso, ko sai ma'aikatan biro sun fara zuwa wajen ƙarfe 7 da rabi. Awa ɗaya da rabi ke nan kowace safiya. Cikin kwana shida sun zama awa 9, sati ya tashi daga 72 zuwa 81. Waɗannan awowi na aiki ne, saboda ba shi da ikon tafiya; in ya tafi aka yi sata, shi za a tambaya.

A ganinmu raunin ƙa'idar yana cikin hujjarta. An gina ta ne kan cewa aikin yana da giɓi, lokutan da mutum yake zaune kawai. Hakan yana iya zama gaskiya ga dattijon da ke shimfiɗa tabarma a zauren wani gida. Mai gadin ƙofar banki ko ta asibiti a Yamai kuwa, wanda ke tsaye yana binciken jaka da buɗe wa motoci ƙofa tun safe har magariba, ba shi da wani giɓi. Sunan aikinsu guda, gadi, amma abin da suke yi ya bambanta, kuma suna ne doka ta bi. Har ila yau, kamfanonin gadi sukan hukunta wanda aka kama yana barci. To in an hana shi runtsawa, ta wace fuska awowin dare suka zama rabin hutu? Ba a iya riƙe hujjojin nan biyu a lokaci guda.

4. Mutum nawa ƙofa guda take bukata

Yawancin take doka a wannan fanni ba daga mugunta yake farawa ba, daga ƙidaya yake farawa. Wurin da ake tsarewa dare da rana yana cin awa 168 a sati. Masu gadi biyu, na rana da na dare, kowane da awa 72, sun rufe awa 144. Saura awa 24, kuma su ne ranakun hutun mutanen nan biyu. Duk wanda ya ɗauki mutum biyu kacal don ƙofar da ba a barinta, ya riga ya yanke cewa kowannensu zai yi awa 84, ko ya sani ko bai sani ba.

Maganin shi ne mai canji. Tun da kowace ƙofa tana da giɓin awa 24, mutum guda mai awa 72 yana iya cike giɓin ƙofofi uku. Ke nan ƙofa uku suna bukatar mutum bakwai, ba shida ba. Sannan ga konje: dokar aiki ta ba da kwana biyu da rabi ga kowane watan aiki, watau kwana 30 a shekara. Mutum bakwai za su ci wata bakwai na konje, sai an samu na takwas da zai riƙe wurarensu fiye da rabin shekara. Wanda ke ba kamfanin gadi kwangila yana iya gane gaskiyar lamari daga nan ba tare da ya tambayi kowa ba. In kuɗin da yake biya don ƙofa guda bai wuce albashin mutum biyu da ribar kamfani ba, to babu mai canji a cikin lissafin.

5. Ma'aikatan jinya

A ɗakin majinyata lissafin ya fi tsanani, domin ba a iya cewa anfirmen da ke da gado ashirin a hannunsa zaune yake yana jira. In aka raba 168 da 40 ana samun 4,2. Watau kujera guda da ba a barinta tana bukatar fiye da mutum huɗu. In aka cire watan konje na kowa, adadin ya hau zuwa kusan 4,6, kuma ba a sa rashin lafiya ko hutun haihuwa ko tafiya horo ba. A aikace mutum biyar ke nan.

Mu duba wani tsarin juyi da aka saba gani, na mutum huɗu. Rana ta farko anfirme yana aiki daga ƙarfe 8 na safe zuwa 8 na dare. Rana ta biyu yana hawa ƙarfe 8 na dare ya sauka 8 na safiyar rana ta uku. Sauran rana ta uku ita ce saukar gadi, rana ta huɗu hutu, sai a koma farko. Cikin kwana huɗu ya yi awa 24. In aka ƙidaya sati guda kawai ana ruɗewa, domin wani satin yana ɗauke da hawa huɗu, awa 48, wani kuma hawa uku, awa 36. Sai an ɗauki sati huɗu cur: kwana 28 sun ƙunshi juyi bakwai, awa 168, watau matsakaicin awa 42 a sati. An zarce 40 da awa 2, awa 8 a sati huɗu, waɗanda ya kamata a biya ko a rama da hutu. Ta fuskar hutu kuwa tsarin ba shi da laifi: awa 24 tsakanin aikin rana da na dare, awa 48 bayan na dare.

Wannan dabara ta ɗaukar matsakaici tsohuwa ce. Yarjejeniya ta farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1919, wadda ta kafa awa 8 a yini da 48 a sati a masana'antu, ta yarda masu aikin karɓa-karɓa su zarce a wani sati muddin matsakaicin sati uku bai wuce iyaka ba.

Yanzu a cire mutum guda daga cikin huɗun nan, a ce an yi masa canjin wurin aiki ba a kawo madadinsa ba. Ukun da suka rage dole su raba awa 168, kowa ya ɗauki 56. Tsarin da aka fi komawa gare shi a irin wannan hali shi ne gadin awa 24 a huta 48, kuma ma'aikata da kansu sukan fi son sa, saboda yana rage zirga-zirga da kuɗin kabu-kabu, yana ba da kwana biyu na harkokin gida. In kuma suka koma biyu, kamar yadda yake faruwa a ƙananan gidajen likita na karkara in ɗaya ya tafi konje, sai a yi 24 a huta 24, awa 84 ke nan, daidai da mai gadin sito na sama, sai dai shi wannan allura yake yi.

Haɗarin gadin awa 24 ba a jimillar sati yake ba, a awowinsa na ƙarshe yake. Binciken da Dawson da Reid suka buga a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai yi barci ba, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa suna raguwa kwatankwacin na wanda ke da giya 0,05 cikin ɗari a jininsa. Anfirmen da ya tashi da asuba ya hau aiki ƙarfe 8, ya kai wannan matsayi tun wajen ƙarfe 10 na dare, alhali da sauran awa goma a gabansa. Wani binciken da Rogers da abokan aikinta suka yi kan ma'aikatan jinya na Amirka a 2004 ya gano cewa yiwuwar kuskure tana ninkawa kusan sau uku in hawa guda ya kai awa 12 da rabi ko fiye. Kuskuren da gajiya ke jawowa yana da kamanninsa: a karanta 5 a maimakon 0,5, a tsallake awon zafin jiki na ƙarfe 4 na asuba, a manta ruwan da aka ɗaura ya ƙare, a soki kai da allura wajen mayar mata da murfi.

Shi ya sa shawara mai lamba 157 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta rako yarjejeniyar ma'aikatan jinya ta 1977, ta sa iyaka ga yini ba ga sati kaɗai ba. Ta ce aikin yini ya tsaya a awa 8, kuma ko da awowin ƙari kada ya wuce 12. A samu aƙalla awa 12 a jere tsakanin hawa biyu. Hutun sati ya nufi awa 48, kada ya kasa 36 a jere ko ta halin ƙaƙa. Shawara ce, ba ta ɗaure kowace ƙasa ba, amma ma'auni ne da majo zai iya ɗora jadawalinsa a kai. Tsarin mutum huɗu da muka gani ya tsallake wannan ma'auni, ko da yake a kan iyakar awa 12 yake zaune. Gadin awa 24 ya ninka iyakar.

Me ya sa 36 ba 24 ba? Saboda saukar gadi ba hutu ba ce, biyan bashin barci ne. A ce ma'aikaciya ta sauka ƙarfe 8 na safiyar Lahadi, aka mayar da ita aikin rana ƙarfe 8 na safiyar Litinin. Awa 24 ne cif, harafin doka ya cika. Amma rabin farko barci ne ya cinye shi, rabi na biyu kuma dare ne da kowa ke barci, babu yinin da ta samu na kanta. Don toshe wannan kafa ne dokar Tarayyar Turai ta 2003 ta ce a ɗora awa 24 na sati a kan awa 11 na hutun tsakani, su zama 35.

6. Sararawa, da barcin ɗakin gadi

Game da sararawa a tsakiyar aiki, ƙasashe sun bambanta wajen adadi. A Nijeriya, wanda ya yi aikin awa 6 ko fiye a yini yana da sararawar da jimillarta ba ta kasa awa guda ba. A Faransa minti 20 ne a jere da zarar aiki ya kai awa 6. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne gane sararawa ta gaskiya. Yarjejeniya mai lamba 30 ta 1930 ta fassara lokacin aiki da cewa lokacin da ma'aikaci yake ƙarƙashin ikon mai aikin ne, ana iya sa shi abu. Bisa wannan ma'ana tambaya guda ce: yana iya barin wurin? Mai gadin da ke cin tuwonsa a kan benci idonsa na kan ƙofa bai sarara ba, yana aiki ne yana ci. Anfirmen da ke ita kaɗai a ɗaki, wadda ke katse salla in ɗan jinya ya kira, haka nan. Sararawa ba ta tabbata sai da wanda zai riƙe wurin, kuma inda mutum guda ne a kan aiki, rubuta "awa ɗaya ta cin abinci" a jadawali a cire ta daga lissafi rage albashi ne kawai. Wannan ya shafi mai shayarwa ma, wadda dokar Nijar ta ba hutun shayarwa har zuwa awa guda a yinin aiki. In ba mai karɓarta, haƙƙin yana nan a takarda ne.

Sauran tambaya ita ce ta barci. In asibiti ya ba da ɗaki da gado, aka ce wa mai gadin dare ya kwanta sai an tashe shi, awowin kwanciyar aiki ne ko hutu? Kotun Tarayyar Turai ta amsa wannan sau da dama. A shari'ar Jaeger ta 2003, wadda wani likita na birnin Kiel a Jamus ya jawo, ta ce duk lokacin da aka wajabta wa mutum zama a wurin aiki lokacin aiki ne gaba ɗayansa, ko da ya samu ya yi barci. A shari'ar Dellas ta 2005 kuwa tsarin daidaiton awowi na Faransa kansa aka kai gabanta, dangane da masu kwana da naƙasassu a gidajen kula da su. Kotun ta raba abu biyu da aka daɗe ana haɗawa. Wajen biyan kuɗi, ƙasa tana iya sa wa awar jira farashi daban. Wajen ƙidayar iyakar awa 48 da hutun da ke kare lafiya kuwa, awa guda awa guda ce, ba a rage ta.

Waɗannan hukunce-hukunce ba su da iko a Nijar. Mun kawo su ne saboda rabewar da suka yi tana da amfani ga mai son tattauna awa 72: ana iya jayayya kan nawa awar jira ta cancanta, amma jikin da ya kwana a zaune awa 12 ya yi, ba 6 da minti 40 ba.

Akwai kuma jiran kira daga gida, wanda ya zama ruwan dare ga ungozoma da majo a ƙauye, inda gidan ma'aikaci yake cikin shingen gidan likita. A ƙa'idar da aka fi bi, lokacin da aka fito aka yi aiki shi ake ƙidayawa, jiran kuma a ba shi wani ɗan alawus. Amma a 2018, a shari'ar Matzak, kotun nan ta ce ɗan kwana-kwana na Beljiyam da aka wajabta wa isa wurin aiki cikin minti 8 daga gidansa, jiransa ma aiki ne, tun da ba ya iya zuwa ko'ina. Ungozomar da ba ta iya zuwa kasuwar ƙauyen da ke kusa, don kada mai naƙuda ta zo ba ta nan, ta fi kusa da wannan hali.

7. Hujja

Rigimar awowi takan mutu ne a kan rashin shaida. Ma'aikaci ya ce dare bakwai yake yi, mai aiki ya fito da jadawalin da ke nuna shida. Jadawali niyya ce. Abin da ya faru yana cikin littafin miƙa aiki, inda mai sauka da mai hawa suke sa hannu, da kuma rajistar majinyata, wadda ke ɗauke da awa da sunan wanda ya ba da magani. Ya kamata ma'aikaci ya riƙe ɗan littafinsa, yana rubuta kwanan wata da awar hawa da awar sauka ta gaskiya, ko da ajami ne. Ƙidayar kuma a yi ta kan juyi cikakke, kamar sati huɗun da muka yi a sama, a fitar da abu uku daban-daban: matsakaicin awowin sati, hawa mafi tsawo, da hutu mafi tsawo a jere cikin kowane kwana bakwai. Ga wanda dokar aiki ta hau kansa, ana fara kai kuka ta hannun wakilan ma'aikata inda akwai su, sannan wurin sufeton aiki na jiha, wanda ke neman sasanta ɓangarorin. In sulhu ya faskara, maganar ta wuce kotun aiki.